Wa Ya Kashe Sa'idu Ɗan Jubairu?

Ibnu Ƙutaiba, wanda ya rasu a shekara ta 276 bayan hijira, ya kawo wani ɗan labari a littafinsa Al-Ma'arif, kuma a ganina duk mai son gane rigimar ƙaddara daga nan ya kamata ya faro. Ma'abadu Al-Juhani da Aɗa'u ɗan Yasaru ne suka je wurin Hasanul Basari suka ce masa, ya Abu Sa'id, waɗannan sarakuna suna zubar da jinin Musulmi, suna ƙwace dukiyoyinsu, sannan su ce ayyukanmu bisa ƙaddarar Allah suke gudana. Hasan ya ce maƙiyan Allah ƙarya suke yi.

Abin da nake so a lura da shi shi ne inda tambayar ta fito. Mutanen nan sun ga ana yanka 'yan'uwansu ne, suka kuma ji mai wuƙar yana jingina yankan ga Allah. Mu da muka fara jin labarin nan a zauren karatu, yawanci a taƙaice aka ba mu shi: akwai Ƙadariyya, sun ɓata, akwai Jabariyya, su ma sun ɓata, Ahlus Sunna suna tsakiya. Maganar gaskiya ce, amma in aka tsaya iya nan, ɗalibi zai tashi da sunaye uku a kansa bai san abin da ya haɗa mutanen faɗa ba. Illar hakan ita ce ka iske mutum yana la'antar Jabariyya da safe, da yamma kuma a wurin ta'aziyya ya yi magana irin tasu bai ma sani ba.

Bari mu fara da Ma'abadu. Hadisin farko a Kitabul Imani na Sahihu Muslim da sunansa ya buɗe. Yahaya ɗan Ya'amaru ya ce farkon wanda ya yi maganar ƙaddara a Basra shi ne Ma'abadu Al-Juhani. Sai shi Yahaya da Humaidu ɗan Abdurrahman suka tafi Makka, suka haɗu da Abdullahi ɗan Umar, suka gaya masa cewa a wajensu an sami waɗansu mutane masu karatun Alƙur'ani da bin diddigin ilimi, suna cewa babu ƙaddara, al'amari sabo ne ful, ba a riga an san shi ba kafin ya auku. Ɗan Umar ya ce in kun haɗu da su ku gaya musu ba ruwana da su, su ma ba ruwansu da ni, kuma da ɗayansu zai ciyar da zinariya kwatankwacin dutsen Uhudu, Allah ba zai karɓa ba sai ya yi imani da ƙaddara. Daga nan ya karanto musu hadisin Mala'ika Jibrilu.

Ga abin da ya faru da Ma'abadu da mutanensa, waɗanda ake kira Ƙadariyya. Sun so su wanke Allah daga zaluncin sarakuna, sai suka zarce har suka ce bai ma san abin da bawa zai aikata ba sai bayan ya aikata. Garin neman gira suka rasa ido. Wannan ra'ayi bai yi tsawon rai ba, domin ba shi da ƙafar tsayawa a gaban Alƙur'ani. An kashe Ma'abadu wajajen shekara ta 80, Gailan na Dimashƙa ya ɗauki maganar ya kai ta Sham, shi ma aka kashe shi a zamanin Hishamu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 105 zuwa 125. Waɗanda suka zo daga baya, musamman Mu'utazila mabiya Wasilu ɗan Aɗa'u (ya rasu 131) da Amru ɗan Ubaidu (ya rasu 144), sun gyara zama. Suka ce Allah ya san komai tun fil azal, har an rubuta, amma aikin bawa bawan ne yake samar da shi, kuma Allah ba ya nufin saɓo. Da waɗannan aka yi ainihin kokawar, ta kuma ɗauki ƙarnoni.

Don kada mu ɓace cikin sunaye, zan ɗauki kisa guda ɗaya in ajiye shi gaban kowane ɓangare. Ni na zaɓo misalin, amma amsoshin da zan kawo daga ƙa'idojinsu suke. Sa'idu ɗan Jubairu almajirin Abdullahi ɗan Abbas ne, babban malamin tafsiri a Kufa. Ya shiga tawayen Ibnul Ash'as a kan Hajjaju ɗan Yusufu, gwamnan Banu Umayya a Iraƙi. Da aka karya tawayen a Dairul Jamajim ya gudu, ya shekara da shekaru yana ɓuya, daga ƙarshe aka kama shi a Makka aka kai wa Hajjaju a Wasiɗ, ya sa aka sare masa kai wajajen shekara ta 95. Hajjaju bai daɗe ba shi ma ya bi shi. To wa ya kashe Sa'idu?

In ka tambayi Jahamu ɗan Safwanu, jagoran Jabariyya, zai ce maka Allah ne, kuma iyakar maganar ke nan. A wurinsa ba mai aiki na haƙiƙa sai Allah. In muka ce Hajjaju ya kashe, kamar mu ce rana ta fito ne, ko ruwa ya gudu, ko itaciya ta yi 'ya'ya: salon magana ne kawai, rana ba ta da zaɓi a fitowarta. Wannan shi ake kira jabaru, wato tilas. Da jin haka mutum zai ɗauka Jahamu malamin fada ne da aka ɗauko don ya wanke sarakuna. Ina! A cikin tawaye aka kashe shi a Marwa a shekara ta 128, yana tare da Harisu ɗan Suraiju suna yaƙar gwamnan Banu Umayya na Khurasan. Na kawo wannan ne saboda wani labari mai daɗin baki da nake yawan karantawa a rubuce-rubucen zamani, wai masu cewa bawa yana da 'yanci su ne 'yan gwagwarmaya, masu tabbatar da ƙaddara kuma 'yan koren masu mulki. Tarihi bai miƙe haka ba. Mafi tsananin mai cewa tilas ɗan tawaye ne, kuma za mu ga abin da masu kiran adalci suka yi ranar da bulala ta zo hannunsu.

Mu'utazila kuwa za su ce Hajjaju ne ya kashe shi, shi kaɗai, kuma Allah bai nufi kisan ba. Suna kiran kansu ma'abota adalci da tauhidi, kuma hujjarsu tana da ƙarfi fiye da yadda ake nuna mana. Allah ya hana kashe mumini, ya yi alkawarin wuta a kan haka. Idan shi ne ya halicci kisan a hannun Hajjaju, ya nufe shi, sannan ya ƙona Hajjaju a kansa, ina adalcin? Kamar ka ɗaure mutum ka jefa shi kogi ne ka ce masa kada ya jiƙe. Suna karanto ayar Suratul Kahfi ta 29, wanda ya so ya yi imani, wanda ya so ya kafirta. Suna karanto ta 148 a Suratul An'am, inda mushirikai suka ce da Allah ya so da ba mu yi shirka ba, aka kuma ƙaryata su. Daga nan suka gina maganar iko: Allah ya ba bawa iko tun kafin aiki, kuma ikon nan yana iya zuwa ga aikin ko ga barinsa. Lokacin da aka tsayar da Sa'idu gaban Hajjaju, harshen da ya ce a sare, shi ne dai zai iya cewa a sake shi. A nan laifin yake.

Har zuwa nan ni kaina ina gyaɗa kai. Wurin da abin ya fara yi musu wuya shi ne ajali. Shin Sa'idu ya mutu da ajalinsa, ko Hajjaju ne ya yanke masa kwana? Mu'utazila kansu sun rabu uku. Waɗansu daga mutanen Bagadaza suka ce da ba a kashe shi ba da lalle ya rayu, makashi ya katse masa ajali. Suna da wani misali mai kama hankali: in da abin da aka yanka dama a wannan lokacin zai mutu, to wanda ya kama tunkiyar maƙwabcinsa ya yanka ba da izini ba alheri ya yi masa, tunda ya cece ta daga zama mushe, sai a gode masa a maimakon a ci shi tara. Abul Huzaili ya ce a'a, ko ba a kashe shi ba a wannan lokacin zai mutu. Jubba'i da mutanen Basra suka ce duka biyun mai yiwuwa ne, ba mu sani ba.

Masu bin hadisi ba su sha wahala a nan ba, don nassi a fili yake. Aya ta 34 a Suratul A'araf ta ce idan ajalinsu ya zo ba sa jinkirta sa'a ɗaya, ba sa gabata. Ta 154 a Ali Imrana, wadda ta sauka kan yaƙin Uhudu, ta ce ko da kuna cikin gidajenku, waɗanda aka rubuta wa kisa sai sun fito zuwa inda za su kwanta. Ajali ɗaya ne. Allah ya san Sa'idu zai mutu a rana kaza, ta hanyar takobi, da umarnin Hajjaju, duka ukun a rubuce. Maganar tunkiya kuma amsarta ita ce mai yankan bai ga Lauhul Mahfuzu ba kafin ya ɗauki wuƙa. Abin da ya gani shi ne dabbar da ba tasa ba, da haramcin taɓa ta, ya kuma taɓa. A kan wannan ake kama shi.

Akwai maganar da ake jingina wa Imamu Shafi'i, cewa ku yi muhawara da Ƙadariyya da ilimin Allah: in sun yarda da shi an kayar da su, in sun musa sun kafirta. Na daɗe ina juya wannan magana kafin in ga zurfinta. Ba'mu'utazile ya yarda Allah ya san Hajjaju zai kashe Sa'idu tun kafin a halicci sama da ƙasa. Duk da haka ya halicci Hajjaju, ya ba shi lafiya da kaifin harshe, ya bar shi ya hau kujerar Iraƙi shekara ashirin, bai ɗauki ransa kwana ɗaya kafin kisan ba, alhali yana da iko. To tambayar da suka gudu daga gare ta ta biyo su har gida. Ka ce bai halicci aikin ba, mun ji. Amma ya halicci mai aikin yana sane, ya kuma ba shi kayan aiki. Cire aikin bawa daga halittar Allah bai sayo musu irin adalcin da suke nema ba, ga shi kuma sun biya da tsada: mulkin Allah ya zama wurin da mafi yawan abin da mutane ke yi a cikinsa bai nufa ba.

Ana ba da labarin cewa Alƙali Abdul Jabbar, babban malamin Mu'utazila da ya rasu a 415, ya haɗu da Abu Ishaƙ Al-Isfarayini a fadar waziri Sahibu ɗan Abbad. Abdul Jabbar ya ce tsarki ya tabbata ga wanda ya tsarkaka daga alfasha. Abu Ishaƙ ya mayar masa, tsarki ya tabbata ga wanda ba abin da ke aukuwa a mulkinsa sai abin da ya so. Kowannensu tasbihi ya yi, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Shi ya sa ba na jin daɗin yadda ake ba da tarihin nan kamar kokawar masu hankali da marasa hankali, ko ta masu addini da marasa addini. Ɗaya yana kishin adalcin Allah, ɗaya yana kishin ikonsa.

Ƙullin yana cikin kalmar so. Mu'utazila sun ɗauki nufin Allah da umarninsa da yardarsa abu guda: abin da bai yi umarni da shi ba bai nufe shi ba. Jahamu ma a wani ɓangaren haka ya haɗa su, sai dai shi ta ɗaya ƙofar ya fita. Ahlus Sunna suka raba. Akwai nufi na kasancewa, wanda ba abin da ke motsi sai da shi, har takobin Hajjaju. Akwai kuma so na yarda da shari'a, wanda Suratuz Zumar aya ta 7 ta ce ba ya yarda da kafirci ga bayinsa, Baƙara aya ta 205 ta ce ba ya son ɓarna. Kisan Sa'idu ya shiga na farko, bai shiga na biyu ba. Ya auku da nufin Allah, Allah kuma yana fushi da wanda ya aikata shi. Wanda ya riƙe wannan rabewar zai iya karanta ƙarshen Suratut Takwir ba tare da ya haɗiye rabi ba: aya ta 28 ta ce ga wanda ya so daga cikinku ya daidaita, ta 29 ta ce kuma ba za ku so ba sai Allah Ubangijin talikai ya so. An tabbatar wa bawa so, an kuma sa shi ƙarƙashin wani so.

Irin su Ahmad ɗan Hambali da Bukhari, wanda har littafi ya rubuta mai suna Khalƙu Af'alil Ibad, a nan suka tsaya. Suka ce aiki na bawa ne da gaske, shi ya yi salla shi ya yi sata, Allah kuma shi ya halicce shi da ikonsa da aikinsa. In ka ce ta yaya biyun suka haɗu, sai su ce ba a ɗora mana sanin wannan ba. Ɗahawi, wanda ya rasu a 321, ya rubuta a aƙidarsa cewa asalin ƙaddara sirrin Allah ne a cikin halittarsa, mala'ika makusanci bai leƙa shi ba, haka annabi manzo. Da ina ƙarami na ɗauki wannan gudun muhawara ne. Yanzu da na ga inda waɗanda suka ƙi tsayawa suka ƙare, na rage raina shi.

Kuma tsayawar tasu ba ta naɗe hannu ba ce, a nan ake yi musu ƙage. Su ne suka ruwaito labarin Umar ɗan Khaɗɗabi a Sargu, lokacin da ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba. Ya yi shawara, ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ya ce, gudu daga ƙaddarar Allah? Umar ya ce, ina ma waninka ne ya faɗi haka, ya Abu Ubaida. E, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Da kana da raƙuma ka gangara kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, in ka kiwata su a mai ciyawa ai da ƙaddarar Allah ka kiwata, in ka kai su ƙeƙasasshen ma da ƙaddarar Allah ne. Duk makiyayi ya san gefen da zai kora dabbobinsa. Su ne kuma suka ruwaito cewa da sahabbai suka ji an riga an rubuta wa kowa mazauninsa, suka ce to ba sai mu dogara da rubutun mu bar aiki ba, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ku yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa.

Hadisin da ya fi ba mutane wahala shi ne na Annabi Adamu da Annabi Musa. Musa ya zargi Adamu da fitar da mu daga Aljanna, Adamu ya ce kana zargina kan abin da aka rubuta mini tun kafin a halicce ni, aka kuma ce Adamu ya rinjayi Musa da hujja. Ba'jabare zai yi tsalle ya ce ga shi nan. Amma Alƙur'ani ya gaya mana abin da Adamu ya faɗa a lokacin da ya yi laifin: Ubangijinmu, mun zalunci kawunanmu. Bai ce an rubuta ba. Ya tuba, an karɓa. Abin da ya rage shi ne musibar da ta biyo baya, wadda ba mai iya mayar da ita. Daga nan malamai, musamman Ibnu Taimiyya daga baya, suka fitar da ƙa'idar cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Iyalan Sa'idu suna da damar su ce haka Allah ya ƙaddara, su sami sanyin zuciya. Hajjaju ba shi da wannan damar. Kalma ɗaya ce, a bakin wancan haƙuri ce, a bakin wannan rainin hankali. Abin da Hasanul Basari ya ƙaryata ke nan tun farko.

Sai Abul Hasan Al-Ash'ari, wanda aka haifa a Basra a 260 ya rasu a 324. A gidan Mu'utazila ya tashi, a hannun Jubba'i ya yi karatu har ya kai kusan shekara arba'in a duniya. Ana ba da labarin ya tambayi malamin nasa game da 'yan'uwa uku: ɗaya ya girma mumini, ɗaya ya girma kafiri, ɗaya ya mutu yana yaro. Mu'utazila suna cewa wajibi ne Allah ya yi wa kowane bawa abin da ya fi masa maslaha. To in yaron ya ce me ya sa ba ka bar ni na girma na sami darajar ɗan'uwana ba? Jubba'i ya ce Allah zai ce na san in ka girma za ka saɓa, shi ya sa na ɗauke ka. Ash'ari ya ce, to in kafirin ya ɗaga murya daga wuta ya ce ni ma ai ka sani, me ya hana ka ɗauke ni ina yaro? Malam ya yi shiru. Ko zaman ya auku yadda ake ba da shi ko an ƙawata shi daga baya, tambayar tana nan daram, kuma ita ce dai tambayar Hajjaju da muka yi a sama.

Ash'ari ya koma ɓangaren masu hadisi amma ya taho da makaman da ya koya. Ya ce kowa yana jin bambanci tsakanin hannun da ke karkarwa saboda zazzaɓi da hannun da mutum ya ɗaga da kansa. Duka motsin biyu Allah ya halitta, amma na biyun ya zo tare da iko da aka halitta wa bawa a daidai lokacin aikin, wannan haɗuwar ita ce kasabu, kuma a kanta ake hisabi. A nan zan faɗi ra'ayina ko da ba zai yi wa waɗansu malamaina daɗi ba: kasabu ya sa wa matsalar suna ne, bai warware ta ba. In ikon bawa ba ya tasiri a samuwar aikin, tafiya kawai suke yi tare, to Jahamu yana leƙowa ta taga. Larabawa har karin magana suka yi, su ce abu ya fi kasabun Ash'ari ɓuya. Manyan mabiyansa sun ji wannan nauyin. Baƙillani, wanda ya rasu a 403, ya ce ikon bawa yana tasiri a siffar aikin: marin maraya don ladabtarwa da marinsa don mugunta motsi ɗaya ne, abin da ya mai da ɗaya ɗa'a ɗaya saɓo daga bawa yake. Maturidi a Samarƙandu, wanda ya rasu a 333, da mabiyansa sun ba zaɓin bawa wuri mafi faɗi. Ni na fi samun natsuwa a can, amma ban ga wanda ya buɗe sirrin da Ɗahawi ya ce a rufe yake ba.

Na yi alkawarin komawa kan bulala. A shekara ta 218 Halifa Ma'amun ya kafa jarrabawar da ake kira mihna, ana tilasta wa alƙalai da malaman hadisi su ce Alƙur'ani halitta ne. Batun ba na ƙaddara ba ne, kuma ba duk masu hannu a ciki ne Mu'utazila ba, amma babban alƙalin da ya riƙe ragamar abin a zamanin halifofi Mu'utasim da Wasiƙ, Ahmad ɗan Abi Du'ad, nasu ne. An tsare Ahmad ɗan Hambali, an yi masa bulala a gaban Mu'utasim. Wasiƙ ya kashe Ahmad ɗan Nasru Al-Khuza'i a 231. Sai da Mutawakkil ya hau aka kashe wutar. Mutanen da suka gina mazhabarsu kan cewa Allah ba ya tilasta wa bawa, su ne suka tsaya ana tilasta wa bayi da dorina. Wanda kuma yake cewa komai da ƙaddara, shi ne ya ƙi sunkuyawa. Talakawan Bagadaza sun ga wannan da idonsu, kuma ina jin ya yi wa Mu'utazila illar da ba wata muhawara da ta yi musu.

Mu nan ƙasar Hausa ɓangaren da ya yi nasara muka gada. Duk wanda ya ɗauki Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure, a babin farko ya karanta imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, zaƙinta da ɗacinta, da cewa Allah ya ɗaukaka daga a sami abin da ba ya nufi a mulkinsa. Harshenmu ma ya sha wannan ya ƙoshi: ƙaddara ta riga fata, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ba ni da ja da ko ɗaya. Damuwata ita ce bakin da suke fitowa daga ciki.

Shekarun baya mun rasa wani ɗan ƙanina a hatsarin mota. Motar haya ce, an loda mata mutane da buhuna fiye da ƙima, tayoyinta sun suɗe, kuma waɗanda suka tsira sun ce tun daga tasha ake roƙon direban ya rage gudu. Ran sadakar uku mai motar ya zo gaisuwa da jama'arsa. Bayan an shafa fatiha ya dubi ƙanin nawa ya ce, Malam, sai haƙuri, kwana ne ya ƙare, ko a kan gado yake sai ya tafi. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, don wurin makoki ba wurin gardama ba ne, kuma ta fuskar ajali bai yi ƙarya ba. Amma a raina tunkiyar mutanen Bagadaza nake tunawa. Da ƙanina ne ya faɗi wannan magana, da na ce Allah ya ƙara masa imani. Daga bakin wanda ya san halin tayoyinsa ya kuma saki motar kan titi, maganar sarakunan da aka kai ƙara wurin Hasan ce, an dai sauya mata riga.

Bayan an watse, wani dattijo maƙwabcinmu da ya karantar da Risala shekaru masu yawa ya kira mai motar gefe, ni ma ina tsaye. Ya ce masa, Alhaji, littafin da ya koya mana ƙaddara a farkonsa, in ka buɗa can wajen babin hukuncin jini, ya ce mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamunin abin da ta taka. Kisan kuskure ma Alƙur'ani ya sa masa diyya da kaffara, a Suratun Nisa'i aya ta 92, alhali shi ma a rubuce yake tun fil azal. Uban yaro ya yafe ko ya karɓa, wannan nasa ne, amma sai an kai masa maganar tukuna, kuma direbanka ya tambayi malamai batun azumin wata biyu. Mai motar ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce zai dawo bayan sadakar bakwai.